Alamomin da ke kan wasulan Faransanci da wutsiyar ç: wacce ke canza furuci, wacce ba ta canzawa

*"Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon Faransanci da kaina saboda harkar kasuwa tana kai ni Maraɗi da Kwatano. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 'yan alamomin nan da ake ɗorawa a kan haruffa, irin su é, è, ê, ë, da wani c mai wutsiya a ƙasa. Ado ne, ko suna canza yadda ake faɗin kalma? In na bar su ban rubuta ba, akwai matsala?"*

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alamomin guda biyar ne, huɗu suna hawa kan wasula, ɗaya tana rataye a ƙarƙashin baƙin c. Babu wadda aka sa don ado, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai inda alama ke canza sautin harafi gaba ɗaya, akwai inda take raba kalmomi biyu a rubuce kawai, kunne bai jin komai. Mai fara koyo ya kan wahalar da kansa ne saboda yana ba su duka daraja ɗaya. Abin da zai taɓa bakinka da gaske shi ne alamomin da ke kan e, da ɗigo biyu, da wutsiyar c, sai kuma ô. Sauran na alƙalami ne.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan. Ƙugiyar da ke kan ƙ ita ce ta raba *kafa* da *ƙafa*, kuma wanda ya bar ta ya rubuta wata kalma ce dabam. Da wannan idon za ka kalli é da ç.

Sai dai ka fara cire wani zato daga ranka. A ƙamus da littattafan nahawun Hausa ana amfani da irin waɗannan alamomi don nuna karin sauti: à tana nufin murya ta yi ƙasa, â tana nufin murya ta faɗo daga sama. A Faransanci ba haka ba ne. Alamar ba ta ce ka ɗaga murya ba, ba ta ce ka sauke ta ba, ba ta kuma ce ka ƙarfafa wannan gaɓar fiye da saura ba. A *bébé* (jariri) gaɓoɓin biyu sautinsu ɗaya ne. Ɗan nauyin da ake ji a Faransanci yana faɗawa ne a gaɓar ƙarshe ta magana, ko da alama ko babu. Abin da alamar ke gaya maka shi ne yadda za ka buɗe baki da inda harshe zai tsaya.

## Harafin e, inda yawancin aikin yake

Alamar da ta karkata sama zuwa dama, wato ta é, sunanta aksan tegu, a rubuce *accent aigu*. A kan e kaɗai take hawa, ba za ka gan ta a kan wani wasali ba. Wadda ta gangaro ƙasa zuwa dama, ta è, ita ce aksan girab, *accent grave*. In suna rikice maka, ka riƙe kalmar *élève* (ɗalibi), domin tana ɗauke da su biyu a jere, sun haɗa kai a saman l kamar jinkar ɗaki: ta farko tegu, ta biyu girab.

Sautin é matsattse ne. Baki ba ya buɗewa sosai, leɓɓa suna ja gefe kamar mai shirin murmushi, harshe yana sama ta gaba, kusa da inda yake tsayawa in za ka ce i. Shi ne a *été* (bazara), *café*, *santé* (lafiya), *école* (makaranta), wadda mutanen Nijar suka mayar lakwal ko lekol. Sautin è buɗaɗɗe ne. Muƙamuƙi yana sauka kaɗan, harshe ya biyo shi, leɓɓa su saki. Shi ne a *père* (uba), *mère* (uwa), *frère* (ɗan'uwa), *très* (ƙwarai), *après* (bayan).

Hausa tana da makusantan waɗannan sautuka biyu, sai dai muna rubuta su da harafi ɗaya, shi ya sa ba mu lura. Ka ce *kare*, ka saurari e na ƙarshe. Sa'an nan ka ce *karen Musa*. Da zarar n ta rufe gaɓar, e ɗin ya gajarce ya buɗe, har a bakin wasu yana kusan komawa a. Na farkon shi ne maƙwabcin é, na biyun maƙwabcin è, muddin ba ka bar shi ya kai a ba. Haka *zobe* da *zoben azurfa*. Gyara ɗaya kawai za ka yi: e na *kare* dogo ne, shi kuwa é na Faransanci ba a jansa, ana faɗinsa a datse shi.

Hanyar da ta fi aiki wajen horar da baki ita ce ka tsaya gaban madubi ka faɗi wasula huɗu a jere, i, é, è, a, kana kallon haɓarka. A kowane mataki dole haɓar ta ƙara sauka kaɗan. In ba ta motsa tsakanin na biyu da na uku ba, to sauti ɗaya kake maimaitawa. Kana iya sa yatsa ka gwada: a é da ƙyar bakin yatsa zai shiga tsakanin haƙora, a è yatsan zai shiga a sake. Bayan haka ka koma kan kalmomin da suka haɗa biyun, *élève*, *préfère*, *célèbre*, ka faɗe su a hankali har ka ji bakin yana buɗewa a gaɓa ta biyu.

Kuskure biyu na fi gani a aji. Wanda ya biyo ta Ingilishi yakan liƙa wa é wata 'yar y a ƙarshe, ya ce "kafey" maimakon *café*. Maganinsa shi ne harshe ya tsaya cik har sautin ya ƙare, kada ya ɗaga. Na biyu shi ne mai matse bakin ya wuce kima har é ta zama i, sai *dé* (ɗan lido, abin da ake jefawa a wasa) ya koma *dit* (ya ce). Shi kuma sai ya ɗan saki muƙamuƙi.

## E marar alama

Ba za ka gane amfanin é ba sai ka san abin da e ke yi in babu komai a kansa. A ƙarshen kalma mai gaɓa fiye da ɗaya, e marar alama ba a furta shi ko kaɗan. *Table* ana tsayawa a kan l, *porte* (ƙofa) ana tsayawa a kan t. A nan Bahaushe ke tuntuɓe, domin mu kowane harafin da muka rubuta muna faɗinsa, kuma kalmominmu sun saba ƙarewa da wasali. Sai ka ji mutum ya ce "porte" da e cikakke. To da ya yi haka ya faɗi wata kalma, *porté*, ma'ana an ɗauka ko an saka.

Wannan bambanci yana ko'ina a harkar kasuwa. *Marche* (marsh) tafiya ce, *marché* (mar-shé) kasuwa. *Sucre* sukari ne, *sucré* abin da aka sa wa sukari. *Sale* mai dauɗa, *salé* mai gishiri, kuma ka ga irin ɓacin ran da zai biyo baya in ka rikita su a gaban mai abinci. *Ferme* na iya zama gona ko umarnin "rufe", *fermé* kuwa shi ne abin da ake rubutawa a ƙofar kanti in an rufe. A fi'ili ma alamar ce ke raba lokuta: *il parle* yana magana, *il a parlé* ya yi magana. Wanda ya haɗiye é na ƙarshe, ko ya ƙara shi inda babu, ya taɓa lokacin aikin.

Sunayen garuruwa suna nuna wannan ƙarara. An rubuta *Gouré* da é ne domin in ba ita, mai karatun Faransanci zai ce "Gur". Haka *Filingué*, *Lomé*, *Yaoundé*, *Abéché* da *Ngaoundéré*. Duk inda sunan gari ya ƙare da sautin e, sai an sa masa alama ko wata dabara don kada a haɗiye shi.

A cikin gajerun kalmomi irin su *le*, *de*, *je*, *me*, *ne*, e marar alama yana da wani sauti na uku da babu shi a Hausa. Raunanne ne, daga tsakiyar baki yake fitowa, leɓɓa sun ɗan tattaru gaba. Ka shirya bakinka kamar za ka ce è, sai ka zagaye leɓɓa kamar mai shirin o, ka fitar da shi a gajarce. Dole ka raba shi da é, domin shi ne ya raba *le livre* (littafi ɗaya) da *les livres* (littattafai), inda *les* ake faɗinsa "lé". A tsakiyar kalma wannan e yakan faɗi gaba ɗaya in ana magana da sauri: *samedi* (Asabar) ana cewa "sam-di".

Saura wuri ɗaya da ke ruɗa mutane: akwai e marar alama da ake faɗinsa è ko é. In baƙin da ake furtawa ya rufe gaɓar, e yana buɗewa da kansa, ba ya buƙatar alama. Shi ya sa *mer* (teku), *sel* (gishiri), *avec*, *merci* da *Zinder* duk è ne a baki. Haka in baƙi biyu iri ɗaya suka biyo shi a ƙarshen kalma, kamar *belle* da *cette*. Ba a taɓa ɗora alama a kan e in tagwayen baƙi ko x na biye da shi. A ɗaya ɓangaren, ƙarshen fi'ili na *-er* da *-ez* sautinsu é ne, r da z ba sa fita. Don haka *parler*, *parlez* da *parlé* rubutu uku ne, furuci ɗaya. Haka *et* (da), *chez*, *nez* (hanci).

Daga nan za ka gane dalilin da alama ke juyawa a cikin fi'ili ɗaya. Ana rubuta *préférer* (fifita) da é biyu, amma "na fi so" shi ne *je préfère*. Me ya faru? A *préférer* gaɓoɓin su ne pré-fé-rer, kowacce ta ƙare da wasali, baki a matse. A *préfère* e na ƙarshe ya mutu, r ta dawo ta rufe gaɓar da ke gabanta, sai wasalin ya buɗe, daidai da abin da n ta yi wa *karen*. Rubutun yana bin bakin ne kawai. Da *nous préférons* gaɓar ta sake ƙarewa da wasali, é ya dawo. *Acheter* (saya) ma haka: *j'achète* da è, amma *nous achetons* babu alama, kuma ana cewa "ash-ton". Wasu fi'ilan suna ninka baƙi maimakon sa alama, kamar *appeler* da *j'appelle*, sakamakon a kunne ɗaya ne. In ka riƙe wannan ƙa'ida, ba sai ka haddace kowane fi'ili dabam ba: duk lokacin da e na gaɓar da ke biye ya zama matacce a ƙarshen kalma, wanda ke gabansa è ne.

Aksan girab tana hawa a da u ma, amma can ba ta taɓa sauti. *A* (yana da) da *à* (zuwa, a) furucinsu ɗaya. *La* da *là* (can) haka. *Ou* (ko) da *où* (ina) duk "u" ne irin namu, kuma *où* ita kaɗai ce kalmar da ke da ù a harshen. Ka koyi rubuta su, kada ka nemi wani bambanci a baki.

## Hula

Alamar da ta yi kama da ƙaramar hula, ta ê, ita ce sirkonfileks, *accent circonflexe*, kuma yaran makaranta hula suke ce mata. Tana hawa wasula biyar duka. A kalmomi da yawa tana tsaye ne a gurbin wata s da aka daina furtawa tun da daɗewa. An daɗe ana rubuta s ɗin ba a faɗinta, har ƙamus na hukumar kula da harshen Faransanci, bugun 1740, ya cire ta ya sa hula. Za ka ga sawun s ɗin a dangin kalmar: *forêt* (daji) da *forestier*, *hôpital* da *hospitalier*, *fête* (biki) da *festival*.

A kan e, hula tana ba da sautin è: *tête* (kai), *fête*, *même*, *être*, *fenêtre* (taga). Ka ɗauki ê da è a matsayin abu ɗaya. A wasu kalmomi inda ê ba ya gaɓar ƙarshe, kamar *bêtise*, za ka ji mutane suna matse shi ya zama é, wannan ba laifi ba ne.

A kan o tana da aiki na gaske. Faransanci yana da o biyu. Akwai matsattse, leɓɓa sun zagaye sun yi gaba, kamar o na *goro*. Akwai buɗaɗɗe, kamar o na ƙarshe a *goron Sallah*. Hula tana nuna matsattsen. *Côte* (gaɓar teku), wadda ke cikin *Côte d'Ivoire*, da matsattsen o take, *cote* (ƙima ko lambar daraja) da buɗaɗɗe. *Notre* a *notre maison* (gidanmu) buɗaɗɗe ne, *le nôtre* (namu) matsattse. In ka ƙara é a ƙarshen *côte* ka sami *côté* (gefe), kalmar da za ka ji kullum in ana yi maka kwatance: *à côté du marché*, kusa da kasuwa. Ka lura dai ba hula kaɗai ke matse o ba. Duk o da ya zo a matsayin sautin ƙarshe na kalma matsattse ne, kamar *vélo* da *mot*, haka kuma *au* da *eau*.

A kan a, littattafai suna cewa â ya fi zurfi, daga can baya yake fitowa, don a raba *pâte* (ƙulli, kwaɓin fulawa) da *patte* (ƙafar dabba). Yawancin mutanen Faransa a yau ba sa raba su, ko da yake a Kebek ta Kanada da Beljiyam da Suwizalan ana jin bambancin. Shawarata ka faɗi â kamar a, babu wanda zai kasa gane ka. A kan i da u kuwa babu canji: *île* (tsibiri), *dîner*, *goût*. Gyaran rubutu na 1990 ya ma halatta a cire hular daga yawancin i da u, shi ya sa za ka ga *coût* da *cout* duk daidai ne. An bar ta inda take raba kalmomi, kamar *sur* (a kan) da *sûr* (tabbatacce), *du* da *dû*, *mur* (bango) da *mûr* (nunanne). Wuri guda da ya kamata Musulmi ya sani shi ne *jeune* (matashi) da *jeûne* (azumi). Nan hula tana matse sautin *eu*, kuma kunne yana jin bambancin.

## Ɗigo biyu

Tirema, *tréma*, ɗigo biyu ne a kan e, i ko u. A Faransanci wasula biyu sukan haɗu su ba da sauti ɗaya: *ai* ana faɗinsa è, *oi* ana faɗinsa "wa", *au* ana faɗinsa o. Ɗigon yana zama a kan wasali na biyu ya ce a raba su, kowa ya fita da kansa. *Mais* (amma) "mè" ne, gaɓa ɗaya. *Maïs* (masara) "ma-is" ne, gaɓa biyu, har s ɗin tana fita. *Noël* no-èl, *naïf* na-if, *égoïste* é-go-ist.

Ga mu wannan alama ta fi kowacce kusa da gida, domin sunayenmu cike suke da "ai". Shi ya sa a takardun Nijar za ka ga *Aïchatou*, *Saïdou*, *Zeïnabou*. In aka bar ɗigon, mai bin ƙa'idar karatu zai ce "Èshatu" da "Sèdu". Garin *Maïné-Soroa* yana ɗauke da alama biyu a kalmar farko. Ka cire su ka ga abin da zai rage: *Maine*, wanda za a karanta "Mèn". In za ka rubuta wa abokin ciniki suna a rasit, wannan ɗigon shi ne zai sa a kira sunan daidai.

## Wutsiyar c

Kafin wutsiya, sai ka manta da c na Hausa. Sautin da ke cikin *ciki* da *cokali* Faransanci da *tch* yake rubuta shi, kamar a *Tchad* da *Dogondoutchi*. Shi c na Faransanci sauti biyu gare shi, kuma wasalin da ke biye ne ke zaɓa. A gaban e, i, y yana zama s: *merci*, *ceci*, *cinéma*. A gaban a, o, u yana zama k: *café*, *école*, *Cotonou*.

To idan ana son sautin s a gaban a, o ko u fa? Nan wutsiyar ke shigowa, sunanta sediy, *cédille*. Daga rubutun Sifaniya aka aro ta, asalinta ƙaramar z ce da ake sa wa c a ƙasa, kuma mai ɗab'in littattafai Geoffroy Tory na cikin waɗanda suka shigar da ita bugun Faransanci wajen 1530. Aikinta ɗaya ne tak: ç kullum s ne. *Ça va* "sa va", *français* "fran-sè", *garçon* (yaro), *leçon* (darasi), *reçu* (rasit). Ka cire ta daga *maçon* (magini), sai c ya koma k, ka kusa faɗin sunan garin *Mâcon* na Faransa.

Tunda c ya riga ya zama s a gaban e da i, ba a taɓa sa masa wutsiya a can. Duk wanda ya rubuta "merçi" ya yi kuskure, kuma kuskure ne da ake yawan gani a saƙonnin waya. Wannan ne kuma ya sa wutsiyar ke zuwa tana tafiya a cikin fi'ili ɗaya. *Commencer* (fara) ba shi da ita, *je commence* ba shi da ita, amma *nous commençons* dole a sa, domin o ya biyo baya kuma ana son s ɗin ya zauna. *Recevoir* (karɓa) babu, *je reçois* da *j'ai reçu* akwai, *nous recevons* babu. Ba haddacewa ake yi ba. Ka dubi harafin da ke bayan c, ka tambayi kunnenka ko s kake ji. In s ne kuma a, o ko u ke biye, sa wutsiya.

## Mu karanta jimla ɗaya tare

Ga jimla: *Ma mère a acheté du maïs et du thé au marché, ça coûte cher.* Ma'anarta, mahaifiyata ta sayi masara da shayi a kasuwa, da tsada.

*Ma* kamar yadda yake. *Mère* tana da è, buɗe baki, e na ƙarshe matacce ne, ka tsaya a kan r. *A* ba ta da alama, don haka fi'ili ce, ba "zuwa" ba. *Acheté* tana da e biyu: na tsakiya marar alama ya faɗi, na ƙarshe é ne dole ya fita, "ash-té". Da ka ce "a-shèt" ka koma *achète*, tana saya yanzu. *Maïs* ɗigo biyu, ma-is. *Et* é ne ko da babu alama, t ba ta fita. *Thé* "té" ne, h ba ta da sauti. *Au* matsattsen o. *Marché* "mar-shé", domin *ch* shi ne sh namu. *Ça* "sa", ba "ka" ba, ba kuma "ca" ta Hausa ba. *Coûte* "kut": c a gaban o ya zama k, hular ba ta yi komai ba, e ya mutu. *Cher* kuwa tarko ne. Ta ƙare da *-er* amma ba fi'ili ba ce, don haka r tana fita, e ya buɗe, "shèr". Ka kwatanta ta da *chez*, "shé".

A wannan jimla alamomi bakwai ne, shida sun canza abin da bakinka ya yi, ɗaya ba ta canza ba. In ka sami kowane rubutu, rasit ne ko allon kanti, ka bi shi haka: fara da neman kowane e, ka yanke hukunci ko é ne, ko è, ko raunanne, ko matacce, kafin ka buɗe baki.

Game da barin alamomin a rubutu, a saƙon waya tsakanin abokai mutane da yawa suna barin su, ana kuma ganewa daga yanayin magana. A wasiƙa, takardar ciniki ko jarrabawa kuskuren rubutu ne cikakke. Kai da kake koyo, ban ba ka shawarar barin su ko a waya ba, domin hannun da ya saba rubuta *marche* a gurbin *marché* yana koya wa baki haɗiye é. A waya ka danna harafin ka riƙe, zaɓin zai fito. A allon kwamfuta na Faransa, wanda ya fara da AZERTY, é yana kan maɓallin 2, è kan 7, ç kan 9, à kan 0. Ka kuma shirya ganin alluna da manyan haruffa babu alama, ECOLE ko GRAND MARCHE. Ƙa'ida ta ce a sa ta ko a kan babban harafi, amma masu rubutun allo sukan bari, sai kai ka mayar da ita a ranka.

Akwai iyaka ga abin da takarda za ta iya koya maka. Kwatancen *kare* da *karen* yana kai ka kusa ne kawai, kuma ya danganta da karin Hausar da ka tashi da shi. Su ma masu Faransanci ba bakinsu ɗaya ba: a kudancin Faransa da wurare da yawa a Afirka ta Yamma ba a cika raba é da è a ƙarshen kalma ba, har *parlé* da *parlait* su zo ɗaya, don haka kada ka yi mamaki in ka ji ɗan kasuwa a Maraɗi ko Kwatano ya saɓa wa littafi. Sa'an nan sautukan da suka fi ba Bahaushe wuya, u na *du*, wasulan hanci na *garçon* da *français*, da r, babu alamar da ke nuna su, darasi ne dabam. Abin da ba ya canzawa ko'ina shi ne bambancin é da mataccen e, da aikin ɗigo biyu, da ç. Ka ɗauki kalmomi biyu-biyu, *marche* da *marché*, *sale* da *salé*, *mais* da *maïs*, *le* da *les*, ka naɗi muryarka a waya, ka ba wanda ya yi lakwal ya saurara ba tare da ya ga takardar ba, ya rubuta abin da ya ji. Kalmar da ya rubuta ba daidai ba, ita za ka koma wa a gaban madubi.